Matsa bidiyo a zagaye biyu: yaushe ya fi zagaye ɗaya?

Mai tace bidiyo a Wuse, Abuja, yana da faifan ɗaurin aure na minti 10, an ce masa kada fayil ya wuce megabait 100. Lissafin ke nan: megabait 100 daidai yake da megabit 800, a raba da daƙiƙa 600, kusan kilobit 1,330 kowace daƙiƙa. A ware wa sauti 128, hoto ya samu kimanin 1,200.

A zagaye ɗaya, manhajar matsawa ba ta san abin da ke gaba ba. Sai ta ɓarnatar da kaso kan liman yana zaune yana addu'a, in an zo rawa da liƙi hoton ya farfashe. A zagaye biyu, FFmpeg yakan fara duba faifan duka da `-pass 1`, ya rubuta inda motsi ya yi yawa, sannan `-pass 2` ya raba kason yadda ya dace, girman kuma ya faɗa kusa da abin da aka nema.

Amma fa lokacin aiki yakan ƙaru sosai, ga wutar Abuja ba tabbas. In faifan wa'azi ne na mutum ɗaya a zaune, bambancin kaɗan ne. In kuwa ba a ƙayyade maka girma ba, `-crf` ya wadatar.