Harafin da ke barci a ƙarshen kalmar Faransanci

A Faransanci, baƙin da ya zo a ƙarshen kalma sau da yawa ba a furta shi. Ana rubuta «petit», wato ƙarami, amma «pati» kunne ke ji. Haka «les» ke fita «le». Haruffan s, t, d, x da z ne suka fi yin shiru, yayin da c, r, f da l galibi ake jin su, kamar a «sac» da «chef».

Sai dai harafin barci yake yi, bai mutu ba. Da zarar kalmar da ke biye ta fara da wasali, sai ya farka ya manne mata. A «les livres» ba a jin s, amma «les amis» kan zama «le-zami». Lura cewa s ɗin ya rikiɗe ya koma z. Shi ma d yakan koma t, shi ya sa «grand arbre» ke ɗauke da sautin t a tsakiya. Wannan haɗin wajibi ne tsakanin «les» da suna, da tsakanin «vous» da aikatau, kamar «vous avez», wato «vu-zave».

Inda mai koyo ke tuntuɓe shi ne yawan zaƙewa. Ba a taɓa haɗa «et» da abin da ke binta. Akwai kuma wasu kalmomi masu h da ke hana haɗin: «les héros», jarumai, «le-ero» ne. Wanda ya ce «le-zero» ya mayar da jaruman sifili.