Batirin Sola: Tsakanin Mai Ruwa da na Litiyom

Batir iri biyu ne suka fi yawa a hannun masu haɗa sola: dogon nan mai ruwa da ake kira tubula, da na litiyom wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa. Aikinsu ɗaya, su adana wutar da faranti ya tara da rana, su sake ta da dare. Sai dai ko da lambar da ke jikinsu ta zo ɗaya, wutar da kowanne zai bayar ba ɗaya ba ce, kuma a nan masu saye da yawa ke yin kuskure.

Tubula mai rubutun 12V 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400 a lissafi. Amma batirin dalma ba ya son a tatse shi ƙarƙaf. Idan ana so ya yi ƙarko, rabin wutar kawai ake ci, wato 1,200. Na litiyom mai 12.8V 200Ah yana ɗauke da 2,560, kuma ana iya cin kashi 80 cikin ɗari ba tare da ya jigata ba, kimanin 2,000 ke nan. A ɗauki gida mai fanka biyu, kowace wat 60, da talabijin mai wat 60, da ƙwai biyar masu wat 10. Jimilla wat 230. Awa shida na dare za su ci 1,380, idan aka ƙara abin da inbata ke zubarwa ya kai wajen 1,600. Litiyom guda zai ɗauki wannan gida. Tubula guda ma zai kai gidan asuba a watannin farko, amma kullum yana wuce iyakarsa, sai a wayi gari fanka na tsayawa ƙarfe biyun dare. Gidan tubula biyu yake bukata, don haka farashin biyu ya kamata a gwada da na litiyom ɗaya.

Ƙarfin tubula yana wajen sauƙin kuɗin farko da kuma sabo. Kusan kowane mai gyaran sola ya san shi, kusan kowace inbata tana cajinsa, kuma ko ya mutu 'yan gwangwan na sayensa da daraja saboda dalmar da ke ciki. Rauninsa shi ne ɗawainiya. Yana da nauyi, kusan kilo 60. Ruwansa na ƙonewa, musamman a zafin Maris da Afrilu, don haka sai an riƙa duba ƙananan sandunan da ke kan murfinsa. Idan sun nutse, a ƙara masa tataccen ruwan batir. Ruwan rijiya ko na leda yana lalata shi, asid kuma ba a ƙara shi. Yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji, shi ya sa ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko a rufaffen lungu. Babban makashinsa kuwa shi ne ƙarancin caji: idan ya yi kwanaki bai cika ba, kamar lokacin hazo ko tsakiyar damina, wani farin gishiri na daskarewa a farantansa na ciki. Alamar ita ce ya nuna ya cika da wuri, ya kuma sauka da wuri.

Litiyom ba a zuba masa komai, nauyinsa bai kai rabin na tubula ba, yana cika da sauri, kuma rashin cika bai dame shi ba. Masu ƙera shi kan yi alkawarin caji da saukewa sau 3,000 zuwa sama, alhali tubula mai kyau yakan tsaya tsakanin 1,000 da 1,500. Sai dai kuɗinsa na farko yana da nauyi, kuma rayuwarsa ta rataya ne a kan wani ɗan allo da ke ciki, BMS, mai yanke wuta idan lodi ko caji ya wuce kima. In allon ya lalace, batir ya yi shiru ɗungurum, kuma ba a kowane gari ake samun mai gyara ba. Tsohuwar inbata ma sai an tabbatar ana iya saita cajinta ya dace da shi.

Jabu ya fi wuyar ganewa a litiyom, domin akan cusa tsofaffin ƙwayoyi a sabon akwati mai sheƙi. Maganinsa takardar garanti daga shagon da za a iya komawa, da gwaji a makon farko: a cika batir, a ɗora masa lodin da aka san yawansa, a ƙirga awannin. A tubula kuwa a duba ranar ƙira, domin wanda ya daɗe a shago ba caji ya riga ya fara mutuwa.

Mai ƙaramin lodi da kuɗi a ƙayyade, wanda ke da faranti isassu da mai duba ruwa, tubula zai ishe shi. Mai shago da firiza, ko gidan da ke tatsar batir kowane dare, litiyom ya fi masa araha idan aka raba kuɗin a kan shekarun da zai yi.