Bayan ANOVA Ta Ce Akwai Bambanci, Tsakanin Wa da Wa?

Duk wanda ya taɓa buɗe kundin binciken ɗalibin aikin gona ya ga irin teburin nan: sunayen irin masara a jere, gaban kowanne yawan amfanin da ya bayar, sannan ƙananan haruffa a, ab, b a gefen lambobin. Manomi ko malamin gona da ya karanta zai ɗauka cewa mai harafin a ya fi mai harafin b, shi ke nan. Amma haruffan nan sakamakon wani zaɓi ne da mai binciken ya yi, sau da yawa ba tare da ya san ya yi zaɓi ba. Da ya latsa wani maɓalli daban a kwamfuta, da haruffan sun sauya, alhali gonar ɗaya ce, masarar ɗaya ce.

Mu ɗauki misali, da lambobin da na tsara don bayani. An shuka irin masara biyar, A zuwa E, kowanne a fuloti huɗu, fuloti ashirin ke nan, an kuma raba su ta hanyar ƙuri'a. A lokacin girbi matsakaicin amfanin kowace hekta ya fito haka: A tan 3.0, B 3.2, C 3.4, D 3.7, E kuwa 4.5. Ko iri ɗaya aka shuka a fuloti biyu ba za su ba da abu ɗaya ba, domin wani wurin ya fi taki, wani ruwa ya kwanta, wani tsutsa ta shiga. Aikin ANOVA, wadda Ronald Fisher ya ɓullo da ita a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila cikin shekarun 1920, shi ne ta auna tazarar da ke tsakanin ire-iren da wannan hawa da saukar da ke tsakanin fulotai. A misalinmu ma'aunin hawa da saukar, wanda kwamfuta ke nunawa da sunan MSE, 0.16 ne. Lambar F ta fito 8.6, alhali 3.06 kawai ake bukata a matakin kashi 5 cikin ɗari. To, an tsallake.

Sai dai abin da F ta faɗa kaɗan ne ƙwarai: ire-iren biyar ba duka suke daidai ba. Ba ta ce E ya fi D ba, ba ta ce D ya fi A ba. Don a san wannan sai an kwatanta su biyu-biyu, kuma iri biyar suna ba da kwatance goma.

Kashi 5 cikin ɗarin nan alkawari ne a kan gwaji guda. Ma'anarsa, idan iri biyu daidai suke a gaskiya, sau ɗaya cikin ashirin ne dace kawai zai sa a ce sun bambanta. Idan aka yi gwaji goma, kowanne da nasa kashi biyar, damar a yi ƙaryar bambanci ko da sau ɗaya ta ƙaru sosai. Lissafin da aka saba kawowa, 1 − 0.95^10, yana ba da kashi 40, amma ya ɗan yi yawa, saboda kwatancen goma ba 'yantattu ba ne, matsakaitai biyar ɗin nan ake ta jujjuyawa. Ainihin adadin a gwaji irin namu ya kai kusan ɗaya cikin huɗu. Ke nan akwai kuskure iri biyu da za a iya tsarewa. Na farko na kowane kwatance ne shi kaɗai. Na biyu na dukan jerin ne: damar cewa a cikin teburin gaba ɗaya akwai aƙalla bambanci ɗaya na ƙarya. Kowace hanya da ake bi bayan ANOVA ɗaya daga cikin biyun take tsarewa, ko wani abu a tsakaninsu.

Hanya mafi tsufa ita ce ta Fisher kansa, wadda ake gani da sunan LSD. Ana lissafa mafi ƙarancin tazarar da za a yarda da ita. A nan 2.13 sau 0.283 ne, wato tan 0.60. Da wannan ma'auni E ya fi kowa, har D da ya fi da 0.8, kuma D ya fi A tunda tazararsu 0.7 ce. Kariyar hanyar ita ce kada a yi kwatancen sam sai F ta tsallake. Mutane da yawa suna ɗauka wannan ya rufe magana, wai tunda ANOVA ta ba da izini, kuskuren jerin ya tsaya a kashi biyar.

Ba haka ba ne, kuma a ganina wannan ne wurin da aka fi yaudaruwa. F kamar maigadi ne da ke tsaye a ƙofa: idan duk ire-iren biyar daidai suke, zai hana shiga sau 95 cikin ɗari, kariya ta yi aiki. Amma a ce E da gaske ya fi sauran nesa ba kusa ba, A da B da C da D kuwa daidai suke. Saboda E kaɗai, kusan kullum za a buɗe ƙofar. Da an shiga, akwai kwatance shida tsakanin huɗun da ba su da wani bambanci, kowanne da kashi biyar ɗinsa, babu mai tsare su. Damar a sami ƙarya ko da ɗaya a cikinsu ta kai kusan ɗaya cikin biyar. Anthony Hayter ya fayyace wannan lissafi a 1986. Duba teburinmu kuma: wannan 0.7 da ke tsakanin D da A, wadda LSD ta amince da ita, daidai irin abin da ake tsoro ce. Tana iya zama gaskiya, tana iya zama dace da ya bi bayan E ya shigo.

Akwai wuri ɗaya da hanyar Fisher ta cika alkawari, wato idan rukuni uku ne kawai. Idan ɗaya ya fita daban, biyu suka rage, kwatance ɗaya ne tak zai iya zama ƙarya, kashi biyar ɗinsa kuwa shi ne na jerin. Mai gwada abu uku bai yi laifi ba da ya tsaya kan LSD. Daga huɗu zuwa sama ne abin ke lalacewa.

John Tukey ya zo wa matsalar ta wata fuska a farkon shekarun 1950. Tambayarsa ita ce: idan matsakaitai biyar sun fito daga iri ɗaya, yaya girman tazarar da dace zai iya sawa tsakanin na sama da na ƙasa? Idan aka sa shinge a inda wannan babbar tazarar ba ta kai wa sai sau biyar cikin ɗari, duk ƙananan tazarori ma sun shiga ƙarƙashinsa. A misalinmu lambar da teburinsa ke bayarwa 4.37 ce, a ninka ta da 0.2, shingen ya zama tan 0.87. A manhajar R layi ɗaya ne:

```
TukeyHSD(aov(amfani ~ iri, data = gona))
```

Yanzu labari ya sauya. E ya fi A da B da C, da tazarar 1.5 da 1.3 da 1.1. Amma 0.8 da ke tsakaninsa da D ba ta kai ba, 0.7 ta D da A ma ta faɗi. Haruffan za su zama E a, D ab, sauran b. Abin da aka samu a madadin wannan asara shi ne tabbacin cewa, ko yaya gaskiyar ire-iren take, damar ƙarya ko ɗaya a duk teburin ba ta wuce kashi biyar ba. Kuma tunda kariyar a jikin shingen take, hanyar Tukey ba ta bukatar izinin F. Al'ada ce kawai ta sa ake jira. Idan yawan fulotai bai zo ɗaya ba, gyaran da Clyde Kramer ya kawo a 1956 yana ɗaukar nauyin hakan.

Kada a manta da kuɗin da aka biya. Idan E da gaske ya fi D da kusan tan guda, Tukey ya bar shi ya wuce ba a gani ba. Harafi ɗaya da E da D suka haɗa ba ya nufin daidai suke, yana nufin fuloti huɗu-huɗu ba su isa a rarrabe su ba. Malamin gona da zai ce wa manoma su shuka D domin "daidai yake da E" ya faɗi abin da teburin bai faɗa ba.

Hanyar Bonferroni ta fi kowacce sauƙin fahimta: a raba kashi biyar gida goma, kowane kwatance ya sami 0.005. Ita ma tana tsare kuskuren jerin, amma shingenta a nan 0.93 ne, ya fi na Tukey tsauri ba tare da ƙarin amfani ba. Tana da kyau ne idan kwatance kaɗan aka ƙudurta tun kafin shuka. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce ta Charles Dunnett ta 1955. Sau da yawa mai bincike ba ya son sanin ko B ya fi C, abin da ya dame shi shi ne wane sabon iri ya fi na gida, wato A. Kwatance huɗu ke nan ba goma ba, shingen kuma ya sauko zuwa 0.77. Sharaɗin shi ne a tsai da wannan tambaya kafin a ga sakamako. Wanda ya duba lambobi ya zaɓi masu tazara, sannan ya ce kwatance biyu kawai ya yi, a zahiri goma ya yi da ido.

Sai kuma hanyar David Duncan, ita ma ta 1955, wadda ake yawan gani a rubuce-rubucen binciken noma, har da na jami'o'inmu, da sunan DMRT. Farin jininta ba abin mamaki ba ne, tana raba haruffa da hannu sake. Dalili kuwa shi ne da gangan aka gina ta ta bar kuskuren jerin ya riƙa hawa da yawan ire-iren. Da iri biyar 1 − 0.95^4 ne, kusan kashi 19. Da iri goma ya kai kashi 37. Duncan bai ɓoye wannan ba, ra'ayinsa ne cewa babban gwaji ya cancanci sassauci. Matsalar ita ce a ƙasan teburin ana rubuta P < 0.05, mai karatu kuma ya ɗauka duk teburin ake nufi.

Wannan ba ya nufin sassauci kullum laifi ne. Mai tace sababbin iri hamsin a shekarar farko, wanda zai sake gwada zaɓaɓɓun a damina mai zuwa, ya fi tsoron yar da iri mai kyau fiye da ɗaukar na banza, domin na banzan zai tonu a gaba. A irin wannan hali ma'aunin da Benjamini da Hochberg suka gabatar a 1995 ya fi dacewa: ba ya hana ƙarya ɗaya, yana ƙayyade kason ƙarya a cikin bambance-bambancen da aka ayyana. Amma gwajin ƙarshe, wanda daga shi sai a ce wa manomi ya sayi iri mai tsada, wannan na Tukey ne ko Dunnett.

Dukan shingayen nan kuwa a kan 0.16 ɗin nan aka gina su, bisa zaton hawa da saukar fulotai iri ɗaya ne ga kowane iri. Idan fulotan E sun warwatse daga tan 3 zuwa 6 alhali na A sun taru wuri guda, ma'auni ɗaya bai dace da kowa ba, kuma kashi biyar ɗin Tukey kansa ba ya tsayawa, musamman in yawan fulotan ya bambanta. Ana gane haka ta hanyar zana sakamakon kowane fuloti a jadawali kafin a latsa komai. Idan an ga hakan, akwai hanyar Games da Howell ta 1976, wadda ke auna kowane biyu da nasu hawa da saukar.