Cinikin rago ta waya: abin da hoto ba ya faɗa

Da zarar Babbar Sallah ta matso, wayoyin dillalan kasuwannin dabbobi irin su Potiskum da Maigatari sukan cika da hotunan raguna. Mai saye na Legas ko Abuja, ba zai iya shafa gadon bayan rago ba, balle ya buɗe bakinsa. Sai mai sayarwa ya zame masa ido da hannu. Ga irin saƙon da dillali mai amana yake haɗawa da hotunansa:

"Salamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe. Ga ragon nan, Balami ne, fari fat, mai dogon kunne. Hoto na farko daga gefe ne, na tsaya kusa da shi don ka ga tsayinsa. Na biyu bakinsa ne: ya yi famfara, manyan haƙora biyu sun fito, wato ya haura shekara 1. Na shafa bayansa da gindin wutsiya, nama ne, ba cikar tumbi ba. Harawa da dusa yake ci. Sai dai akwai abu biyu. Tsinin ƙahon hagu ya karye wajen karo, amma ya warke, ba ya jini. Sannan makon jiya ya yi majina, an yi masa allura, ta tsaya. Ga bidiyon tafiyarsa, ba ya ɗingishi. In bai kwanta maka ba, in nemo wani."

Ba banza dillalin ya fara da tsayawa kusa da dabbar ba. Idan aka ɗauki hoto daga ƙasa, ƙaramin rago sai ya yi kama da babba. Haƙori kuwa ba ya ƙarya: manya biyu na farko suna fitowa tsakanin shekara 1 da shekara 1 da rabi, huɗu wajen shekara 2, takwas wajen shekara 4. Maganar tumbi ma tana da tushe, domin wasu sukan ba dabba gishiri ko kanwa ta sha ruwa da yawa, ciki ya yi fam, a zaci ƙiba ce.

Ambaton aibi shi ne zuciyar saƙon. Hadisi ya hana layya da dabbar da rashin ido ɗaya, ko ciwo, ko gurguntaka, ko rama suka bayyana a jikinta. A mazhabar Malikiyya, karyayyen ƙaho yana hana layya idan bai warke ba. Shi ya sa "ba ya jini" ba ƙaramar magana ba ce. Majina kuma tana iya dawowa bayan doguwar tafiya a mota, don haka mai saye na da haƙƙin sani tun kafin ya tura kuɗi.

Mai saye, kada ka tsaya a hoto ɗaya. Nemi na baki, na idanu biyu, na kofato, da bidiyon tafiya. Dillalin da ya faɗa maka aibin ragonsa kafin ka tambaya, shi ne abokin ciniki, ka riƙe shi.