Miliyan Ɗaya a Banki, Miliyan Ɗaya a Hannun Mutane

A Kasuwar Sabon Gari ta Kano, mu ɗauka akwai maƙwabta biyu da shagunansu ke kallon juna, ɗaya mai sayar da takalma, ɗaya mai kayan roba. Labarin misali ne, amma lissafin da ke cikinsa na gaske ne. A watan Janairun 2024 kowannensu ya gama lissafin shekara, ya ware jarinsa, ya ga naira miliyan ɗaya ta yi saura wadda shago ba ya bukata a lokacin. Mai takalma ya kai tasa banki ya zuba a asusun ajiya. Mai roba ya ce shi kam kuɗinsa ba za su kwanta ba, zai raba wa ƙananan 'yan kasuwa bashi su riƙa biyansa da ruwa.

"Yaya, nawa za su ba ka a shekara?" in ji mai roba, da yake shi ne ƙarami.

"Sun ce wajen kashi 8 cikin 100."

"A shekara guda cur? Ni kashi 5 zan karɓa, amma duk wata."

Mai takalma bai ce komai ba, ya ci gaba da jera kaya.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne duka biyun bashi suka bayar. Wanda ya ajiye kuɗi a banki ya ranta wa banki ne, bankin kuma ya juya ya ranta wa wasu a kan ruwa mai tsada, ya ba mai ajiya ɗan kaso, ya riƙe saura. Shi ma adadin da ake ba mai ajiya yana da tushe. Babban Bankin Najeriya yana da ma'aunin ruwa da yake sanarwa bayan zaman kwamitinsa, kuma ƙa'idarsa ita ce kada ruwan asusun ajiya ya gaza kashi 30 cikin 100 na wannan ma'auni. A farkon 2024 ma'aunin yana kan 18.75, zuwa watan Nuwamba ya kai 27.5, wanda ya sa mafi ƙarancin ruwan ajiya ya zama 8.25. Tunda ya yi ta motsi a cikin shekarar, mu tsayar da shi a kan 8 don lissafi ya yi sauƙi.

Da haka, a ƙarshen shekara miliyan ɗayan mai takalma ta haifi naira 80,000. Idan ya bar su a ciki bai taɓa ba, a shekara ta biyu ba a kan miliyan ɗaya za a yi masa lissafi ba, a kan 1,080,000 ne, sai ruwan ya zama 86,400. Wannan ƙarin 6,400 ruwan da ruwan bara ya haifa ne. A farko ba ya cika ido, amma kowace shekara tushen da ake lissafi a kansa yana ƙara faɗi. Masu harkar kuɗi suna da wata dabara ta gane saurin abin: ka raba 72 da adadin ruwan, abin da ya fito shi ne kusan shekarun da kuɗin za su ninka. A kan kashi 8, shekara tara ke nan kafin miliyan ɗaya ta zama biyu, ba tare da ya ƙara ko sisi ba.

Akwai tarko guda da ya kusa kama shi. A ƙa'idar Babban Banki, wanda ya ciri kuɗi daga asusun ajiya fiye da sau huɗu a wata, banki ba shi da tilas ya biya shi ruwan wannan watan. Ɗan kasuwa kuwa hannunsa ba ya rabuwa da waya, yau tura wa dila, gobe cirewa wurin mai POS. Da mai takalma ya ga wata ya ƙare ba a sa masa komai ba, ya je ya tambaya aka yi masa bayani, sai ya raba asusun harkar yau da kullum da na ajiya. Hanyar gane ko ana biyan ka mai sauƙi ce: ka nemi takardar bayanin asusunka, ka duba ƙarshen kowane wata ko akwai layin ruwa.

Shi kuwa mai roba, ya kasa miliyan ɗin gida goma, ya ba mutum goma naira 100,000 kowanne na wata shida. Sharaɗin shi ne duk ƙarshen wata mutum ya kawo 5,000, in wa'adi ya cika ya dawo da uwar kuɗi. Ya sayi littafi mai bangon kwali, kowane mutum da shafinsa: sunansa, layin da yake kasa kaya, ranar karɓa, da sunan wanda ya tsaya masa. A takarda lissafin daɗi gare shi. Naira 50,000 duk wata, 600,000 a shekara, wato kashi 60 cikin 100. Watan farko da na biyu haka abin ya tafi, har yana ɗaga littafin daga bakin shagonsa yana nuna wa maƙwabcinsa.

A wata na uku aka fara ganin gibi. Wani yaro mai tura kayan sanyi a baro, wanda ya biya wata biyu lafiya lau, ya daina zuwa. Wayarsa a kashe, wanda ya tsaya masa ya ce shi dai ya san shi a kasuwa ne, bai san garinsu ba. Naira 100,000 ta tafi, an samu 10,000 kawai a madadinta. Sai kuma wata mata mai sayar da kayan miya da ta biya wata uku, mijinta ya kwanta asibiti, jarin ya shige magani. Ita ba ta gudu ba, ta zo da kanta da wani dattijon layinsu, aka zauna a kan benci, aka yi magana ta fahimta: a yafe mata ruwa, za ta tara uwar kuɗin ta kawo kafin shekara ta fita. Ta kuwa cika alkawari a watan Disamba, amma wata tara kuɗin suna hannunta ba su haifi komai ba. Sauran takwas ɗin sun biya daidai, kowanne 30,000, jimla 240,000.

A nan ne lissafin mai ba da bashi yake da zafi. Kowane mai biya nagari yana kawo masa 30,000 a wata shida, amma mutum ɗaya da ya gudu yana tafiya da 100,000. Ma'ana, gudun mutum guda yana cinye ruwan mutum uku har da ɗoriya. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan bashin kasuwa yake da tsada haka. Masu biya su ne ke ɗauke da nauyin waɗanda ba za su biya ba, ko sun sani ko ba su sani ba. Ni a ganina nan ne rashin adalcin tsarin ya fi fitowa fili, domin mai gaskiya ake caja kuɗin laifin wani.

Zagaye na biyu mai roba ya shiga taitayinsa. Cikin masu nema, mutum biyar kaɗai ya yarda da su, ya ba su 500,000, suka kawo masa 150,000 a wata shida. Sauran kuɗin suka zauna a durowa, kuma kuɗin da ke durowa ba sa haihuwa ko da an rubuta kashi 5 a bangon littafi. Da ya tattara komai a ƙarshen shekara, ruwan da ya shigo hannunsa 415,000 ne. A cire 100,000 da ta salwanta, a cire kimanin 60,000 da ya kashe wajen yaron da ke zagayawa karɓo kuɗi da kuɗin mota da katin waya, ya tsira da 255,000. Kashi 60 na takarda ya dawo kashi 25 da rabi. Duk da haka ya ninka na maƙwabcinsa sau uku. Sai dai da mutum uku ne suka gudu maimakon ɗaya, da abin da ya rage masa bai kai na mai ajiya ba, ga kuma ranakun da ya bar shago yana bin mutane, waɗanda ba su shiga littafi ba. Ban da haka, jihohi suna da dokar da ta ce mai sana'ar ba da rance da ruwa sai ya yanki lasisi, wanda bai yanka ba kuma yana iya shan wuya in magana ta kai kotu.

Mai takalma bai bi kowa ba, kuma yana da wata kariya da maƙwabcinsa ba shi da ita. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in bankin kasuwanci ya rushe daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a 2024. A watan Yunin shekarar aka soke lasisin bankin Heritage, aka kuma biya masu ajiya bisa wannan sabon adadi. Ƙarancin ruwan da ake ba mai ajiya, wani ɓangarensa kuɗin wannan kwanciyar hankali ne.

Da Janairun 2025 ta zo, kowa ya tashi zai saro kaya, sai ga wani abokin lissafi da ba wanda ya gayyato. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi a watan Disamban 2024 ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wato kayan da miliyan ɗaya ta saya bara, bana sai an kai wajen 1,348,000. Mai takalma yana riƙe da 1,080,000, mai roba 1,255,000.

"Yaya, ashe duk wahalar nan ko kayan bara ba zan iya saya ba?"

"Kai ma ke nan. Ni da na kwanta na yi barci fa?"

Kuɗinsu sun ƙaru a lamba, sun ragu a ƙarfin saye, na ɗaya ya fi na ɗaya zubewa. Ainihin abin da ruwa ya kawo wa mutum ana gane shi ne bayan an ɗebe hauhawar farashi, kuma a shekara irin 2024 sakamakon ya faɗa ƙasa da sifiri ga su biyun.

Mai karatu Musulmi tun farkon labarin yana da magana a ransa, kuma da hujjarsa: Alƙur'ani ya halatta ciniki ya haramta ƙarin da ake ɗorawa a kan bashi, shi ya sa 'yan kasuwa da dama suke gaya wa banki kada a sa musu ruwa, wasu kuma in an sa sai su fitar da shi su bayar. Tun 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki, daga baya TAJ da Lotus suka biyo, akwai wata hanyar. A tsarin mudaraba, mai ajiya da banki suna yarda ne a kan yadda za a raba ribar da aka samu, ba a kan wani adadi da aka yanke tun farko ba, in kuma an yi asara ba da sakacin banki ba, mai kuɗin ne ke ɗauka. Da mai roba ya bi irin wannan hanya da mai kayan miya, da rabonsa zai riƙa hawa da sauka tare da cinikinta, kuma dole sai ya san abin da take saya da abin da take sayarwa duk mako. Aikin ya fi buɗe littafi a rubuta 5,000 wuya, kuma yaron baro da ya kashe wayarsa zai iya ɓacewa a wannan tsarin kamar yadda ya ɓace a wancan.