Kundin Shirin Katun: Inda Ake Rubuta Abin Da Ba Zai Yiwu Ba

Shirin katun mai dogon zango aikin taron jama'a ne. Ga marubuta, ga masu zane, ga masu ɗora murya, wasu ma ba a ƙasa ɗaya suke ba. Shirin Avatar: The Last Airbender, wanda tashar Nickelodeon ta nuna daga 2005 zuwa 2008 cikin kashi 61, a Amurka aka rubuta shi, amma a Koriya ta Kudu aka yi aikin motsa zanen. Abin da ke hana irin wannan taro jan akala kowa ta gefensa shi ne kundin shiri, wato littafin da ke bayyana dokokin duniyar labarin da halayen 'yan wasa da yanayin da ake son mai kallo ya ji.

Masu sabon hannu sukan cika kundinsu da tarihin sarakuna da sunayen garuruwa. A ganina shafin da ya fi amfani shi ne wanda ya faɗi abin da aka hana.

A duniyar da Michael Dante DiMartino da Bryan Konietzko suka ƙirƙiro, wasu mutane na iya sarrafa ruwa ko ƙasa ko wuta ko iska. Kowa ɗaya kawai yake iyawa, in ban da Avatar, wanda shi kaɗai ke haɗa huɗun. Kowane iko kuma da sharaɗinsa. Mai sarrafa ruwa sai akwai ruwa a kusa, shi ya sa Katara take yawo da salka a kugu. Mai wuta daga rana yake samun ƙarfi, don haka idan aka yi husufin rana ikonsa kan ɗauke. Daga wannan doka guda marubuta suka fitar da babban labari a zango na uku: shirin kai wa ƙasar masu wuta hari a ranar husufi. Da an bar kowa yana yin abin da ya ga dama, da jarumi bai taɓa shiga tsaka mai wuya ba.

Dokar ta shafi masu zane su ma. An ba kowane iko salon faɗan Sin na gaske, na ruwa Tai Chi, na iska kuma Ba Gua mai kewaye-kewaye, har da malamin faɗa, Sifu Kisu, da ke nuna motsin a aikace.

A ɓangaren 'yan wasa, rubuta cewa wance jaruma ce mai kirki ba ya tsinana wa marubuci komai. Abin da yake nema shi ne me take so, me take tsoro, yaya take magana, mene ne ba za ta taɓa yi ba. Toph makauniya ce 'yar shekara goma sha biyu, da tafin ƙafa take jin girgizar ƙasa ta gane abin da ke kewaye da ita. Shafinta dole ya faɗi inda wannan baiwa ta tsaya: a kan rairayi abubuwa dishi-dishi suke zo mata, a sararin sama kuwa ba ta gane komai. Haka ya faru a hamada, aka sace Appa tana wurin, ta kasa hanawa. Da wani marubuci zai sa ta karanta wasiƙa, wannan shafin ne zai kama shi kafin a kashe kuɗin zane. Da farko ma namiji ƙaƙƙarfa aka tsara, shugaban marubuta Aaron Ehasz ya kawo shawarar a mayar da shi yarinya. Kundi yana karɓar gyara, sharaɗin dai a rubuta gyaran kowa ya gani.

Yanayi ya fi wuyar rubutawa, domin kalmomi irin su "ban dariya" kowa da yadda yake fahimtarsu. Dabarar ita ce a mayar da shi ƙa'idoji. Chuck Jones, a littafinsa Chuck Amuck na 1989, ya lissafa na shirin Road Runner: babu hira, tsuntsun ba ya sauka daga titi, kuma ba shi ke cutar da Coyote ba, wautar Coyote ce da kayan kamfanin Acme suke kai shi ƙasa. Duk wanda ya karanta ya san irin rahar da ake nema.

Hanyar gwada kundi mai sauƙi ce. A miƙa shi ga marubucin da bai taɓa zama da ku ba, a ce ya kawo labaran kashi biyar. Idan ya dawo yana tambaya ko wane zai iya kaza, akwai giɓi a dokokin. Idan duk 'yan wasansa magana iri ɗaya suke yi, shafukan halaye ne ba su nuna ba. Mai shirin fara katun ya yi wannan gwajin tun kafin ya biya mai zane ko kwabo.