Rufe Amsa Kafin Ka Duba: Bitar Babin Da'irar Lantarki

Ɗalibin injiniya kan karanta taƙaitaccen babin da'irar lantarki sau da yawa, ya ga kamar ya iya, har sai takardar jarrabawa ta zo. Ido ne ya saba da shafin, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ba.

Maganinsa shi ne a mayar da kowace jimla ta taƙaitawar tambaya. Idan littafi ya ce V = IR, wato dokar Ohm, kada ka tsaya ga haddar haruffan. Rubuta a gaban kati: batir mai bolt 12, an jera masa rasista biyu a layi ɗaya, mai om 4 da mai om 2, nawa ne karan? Amsa tana bayan katin, kuma ba a juyawa sai an yi lissafin a takarda: a haɗa 4 da 2 su zama 6, a raba 12 da 6, a sami amfiya 2.

Sai tazara. Ka amsa yau, ka sake gobe, sannan bayan kwana uku, sannan mako guda. Katin da ka faɗi ya koma farko.

Inda abin ke ɓaci shi ne ranar da ka ga katin ka ce "biyu" ba tare da lissafi ba. Lambar ka haddace. A ganina nan ne ya kamata a sauya tambayar: a haɗa rasistocin kafaɗa da kafaɗa. Yanzu kowanne yana samun bolt 12 cikakke, ɗaya ya ja amfiya 3, ɗayan 6, jimla 9.